Zanen yadi da takardar naɗi: me ya sa bakin tayil ke ƙin haɗuwa ko da an rubuta a cikin umarni?

Tun daga 2022, lokacin da manhajojin zana hoto da ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a, mutane da dama suka fara haɗa zanen yadi da na takardar naɗe kyauta da kansu. Mutum zai rubuta abin da yake so, cikin ɗan lokaci hoto ya fito gwanin kyau. Ruɗanin yana zuwa ne daga baya. An rubuta `seamless pattern` ƙarara a cikin umarni, hoton kuma da gani zanen yadi ne, amma da aka jera shi sai ga ganye ya yanke a tsaka, ko wani siririn layi ya ratsa yadin daga wannan baki zuwa wancan. Wani kuma ya duba fayil ɗinsa ya ga lafiya lau, sai bayan bugu aibin ya bayyana.

Amsar a taƙaice ita ce kalmomin umarni suna tsara kamannin zane ne, amma haɗuwar baki aiki ne na lissafi da ke faruwa a wani wuri daban. Kuma ko an same ta, abu ne mai saurin lalacewa a matakan da ke biyo baya.

## Mene ne tayil, mene ne mahaɗa?

Yadin da aka yi wa bugu ba a zana shi daga farko zuwa ƙarshe. Ana zana yanki guda mai kusurwa huɗu, sai injin ya yi ta maimaita shi a tsaye da a kwance, kamar yadda ake jera tayil a daɓen ɗaki. Wannan yanki shi ake kira tayil a wannan sana'a. Wurin da tayil biyu suka haɗu kuma shi ne mahaɗa. Kowane tayil yana da mahaɗa iri biyu: bakinsa na dama yana haɗuwa da bakin hagu na kwafinsa, bakinsa na ƙasa kuma da bakin sama. A kusurwa, kwafi huɗu ne ke haɗuwa a ɗigo guda.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar tun daga nan. Ba a so bakin dama da na hagu su zama iri ɗaya. Ana so na hagu ya zama ci gaban na dama. Idan reshe ya fita ta dama yana hawa sama, dole ya shigo ta hagu daga daidai inda ya tsaya, ya ci gaba da hawa. Idan layin fiksel na ƙarshe da na farko suka zama kwafin juna, to layi ɗaya ya maimaitu sau biyu, kuma a kan zane mai layukan karkace ido yana iya kama ɗan tsanin da hakan ke haifarwa.

## Abin da kalma ke iyawa da abin da ba ta iyawa

Waɗannan manhajoji sun koyi aikinsu ne daga hotuna masu ɗimbin yawa tare da bayanan da ke manne da su. Hotunan da aka yi wa laƙabi da `seamless pattern` suna da kamanni ɗaya: ƙananan furanni ko siffofi a warwatse, ba sararin sama, ba wani babban abu a tsakiya, wasu furannin kuma a yanke a baki. Idan ka rubuta kalmar, wannan kamannin za a ba ka, har da furannin da aka yanke. Sai dai rabin furen da ke dama da rabin da ke hagu ba lalle su san da zaman juna ba. Manhajar ta kwaikwayi sura, ba ta auna komai ba.

Dalilin yana cikin ginin injin. A Stable Diffusion na farko-farko, hoto mai fiksel 512 a kowane gefe ana sarrafa shi ne a matse, a matsayin allo mai gida 64 a kowane gefe, wato an rage shi sau takwas. A kowane mataki injin yana duba kowane gida tare da maƙwabtansa kafin ya yanke abin da zai zama. Gidan da ke tsakiya yana da maƙwabta ta ko'ina. Wanda ke baki kuwa ba shi da kowa a gefe ɗaya, don haka a al'ada ana cike masa gurbin da sifili. A wurin injin, duniya ta ƙare a bakin hoto.

Wasu manhajoji suna da maɓallin tayil, kuma wannan ɗabi'a yake canzawa. A manhajar AUTOMATIC1111, wadda ake sarrafa Stable Diffusion da ita, zaɓin `Tiling` yana mayar da cikon baki zuwa `circular`, ma'ana gidan da ke bakin dama zai ɗauki gidajen bakin hagu a matsayin maƙwabtansa, na sama kuma ya ɗauki na ƙasa. Kamar an naɗe takarda ne aka manne bakinta, aka yi zanen a kan naɗin. Reshen da ya kai baki ba ya ganin baki, sai ya wuce abinsa. A Midjourney kuma ana samun tayil ta hanyar ƙara `--tile` a ƙarshen umarni.

Wannan dabara tana da iyaka. Ta dogara ne da irin ginin da ke duba maƙwabta na kusa. Sababbin injuna irin su Flux da Stable Diffusion 3 an gina su a kan wani tsari daban, don haka canza cikon baki kaɗai ba ya wadatarwa a kansu. Sannan manhajoji da yawa, musamman waɗanda ake yi wa magana kamar hira, ba su da maɓallin kwata-kwata. A irin waɗannan, duk yadda aka jaddada kalmar, a ɗauka cewa bakin bai haɗu ba har sai gwaji ya nuna akasin haka.

## To me ake rubutawa a umarnin?

Tunda maɓalli ne ke ɗaukar nauyin baki, aikin kalmomi shi ne su samar da zanen da zai jure maimaici. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: ana son yadi mai ƙananan ganyaye da 'ya'yan itace a kan shuɗi mai duhu, launi uku kacal.

```
small fern leaves and round berries, tossed in all directions, evenly spaced, flat vector style, three colors, cream and ochre on solid navy background --tile --no shadow, border, text
```

Abin lura na farko shi ne babu kalmar yadi ko takardar naɗi a ciki, kuma da gangan ne. Idan ka rubuta `fabric`, sau da yawa hoton yadi za a ba ka, da lanƙwasa, da inuwa, da zaren saƙa. Idan ka rubuta `wrapping paper`, kana iya samun akwatin kyauta da kintinkiri. Abin da mai bugu ke buƙata shi ne zanen a shimfiɗe, domin saƙa da lanƙwasa yadin gaske zai kawo nasa. Zaren saƙa na bogi da aka buga a kan saƙar gaske sai ya zama kamar datti.

Kalmar `tossed` sunan tsari ne a wurin masu zanen yadi, wato siffofi a warwatse suna fuskantar ko'ina. Amfaninta ya wuce ado. Takardar naɗi tana zagaye akwati ta fuska shida, don haka zanen da ke da sama da ƙasa dole ya kife a wani gefen. Ga tela kuma, yadin da zanensa ke kallon hanya ɗaya yana tilasta masa ya yanka kowane ƙyalle a fuska ɗaya, abin da ke ƙara yawan yadin da ke tafiya a banza.

Sai `solid` da `flat`, waɗanda suka fi kowace kalma muhimmanci ga mahaɗa. Injunan nan suna da son haske irin na hoton kyamara, tsakiya da haske, kusurwoyi da duhu. A hoto guda ba wanda zai kula. Da an jera shi sau ashirin, kusurwoyi huɗu masu duhu za su haɗu su zama tabo, yadin ya fito da ɗigon duhu a jere kamar dara. Fiksel sun haɗu daidai, amma ido ya ga inda kowane tayil ya fara. Shi ya sa launin ƙasa guda ɗaya tak, ba hawa ba sauka, ya fi aminci.

Adadin launi kuwa injin ba ya ƙirgawa da gaske. Ko ka ce uku, fayil ɗin zai zo da dubban launuka masu kusanci da juna. Ga bugun dijital wannan ba damuwa ba ce. Ga bugun ganga, wato wanda ganga mai juyawa ke ɗora launi a kan yadi, inda kowane launi ke da gangarsa, sai an rage launukan da hannu daga baya.

## Gwajin gusarwa

Tayil ya fito, fiksel 1024 a kowane gefe. Kallonsa shi kaɗai ba ya gaya maka komai game da bakinsa, domin bakin dama da na hagu suna nesa da juna a kan allo. Dabarar ita ce a kawo su tsakiya. Ana gusar da hoton da rabin faɗinsa da rabin tsawonsa, abin da ya fita ta wannan gefe ya shigo ta wancan. Bayan haka tsoffin bakuna huɗu za su zama layi biyu da suka gitta juna a tsakiyar hoton.

A Photoshop ana shiga `Filter > Other > Offset`, a sa 512 a duka gidajen biyu, a zaɓi `Wrap Around`. A GIMP kuma `Layer > Transform > Offset` ne, kuma akwai maɓallin da ke raba faɗi da tsawo biyu da kansa. Mai amfani da ImageMagick layi ɗaya ya ishe shi:

```
magick tayil.png -roll +512+512 duba.png
```

Yanzu sai a ƙara girman allon zuwa kashi 200 ko 300 cikin ɗari, a bi layin tsaye daga sama har ƙasa, sannan a bi na kwance, a ƙare da tsakiyar inda kusurwoyi huɗu suka haɗu. Abin da ake nema iri uku ne, kuma kowanne yana nuna sanadinsa. Idan ganye ya yanke ya haɗu da abin da ba nasa ba, ba a yi tayil ɗin a naɗe ba tun asali, ko kuma an datse hoton daga baya. Idan siffofi sun haɗu amma akwai siririn layi mai faɗin fiksel ɗaya ko biyu, mai ɗan haske ko duhu, to wani mataki ne ya taɓa bakin bayan an zana, kamar canza girma ko matse fayil. Idan kuma babu layi amma launin ƙasa a gefen nan ya ɗan bambanta da na gefen can, haske ne bai daidaita ba. Wannan na ukun yana da wuyar gani a kan shuɗi mai duhu, don haka ana ɗaukar kwafi a ƙara masa bambancin haske sosai da `Levels` ko `Curves`, sai aibin ya fito fili.

Mai son ƙarin tabbaci yana iya aunawa da lamba. Tunanin shi ne a gwada tsallen launi a kan mahaɗa da tsallen da aka saba gani tsakanin kowane layi biyu maƙwabta a cikin hoton:

```python
import numpy as np
from PIL import Image
a = np.asarray(Image.open("tayil.png").convert("RGB"), dtype=float)
ciki = np.abs(np.diff(a, axis=1)).mean()
baki = np.abs(a[:, 0] - a[:, -1]).mean()
print(ciki, baki)
```

A ce na ciki ya ba da 4, na baki ya ba da 5, to mahaɗar ba ta bambanta da sauran hoton ba. Idan na baki ya kai 25 ko 30, akwai yanka. Don mahaɗar sama da ƙasa sai a mayar da `axis=0` a kuma gwada `a[0]` da `a[-1]`. Amma lambar ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Idan bakunan duka fili ne na launin ƙasa, ba ganye ko ɗaya, lambar za ta yi ƙasa ƙwarai, alhali wannan ma aibi ne, kamar yadda za a gani yanzu.

## Mahaɗar da fiksel ba sa nunawa

Gwajin gusarwa na duba kusa ne. Akwai kuma duba daga nesa, wanda mutane suka fi tsallakewa. Ana jera tayil uku-uku ko biyar-biyar, a rage girman allon har ganyen su zama ƙanana, a ja da baya a kalla. Photoshop yana da `View > Pattern Preview` tun 2020, Krita kuma yana da `Wrap Around Mode`, dukansu suna nuna maimaicin kai tsaye.

A nan ne ake gane lungu. Idan ganyaye sun taru a tsakiyar tayil sun bar baki fayau, jerawar za ta haifar da hanyoyi a tsaye da a kwance, yadin ya zama kamar an zana masa akwatuna. Wani lokaci kuma ba a baki lungun yake ba, wani ɗan fili ne a cikin tayil ɗin da ya yi daidai da kansa a kowane maimaici har ya zama layin karkace mai tsawo. Haka ma idan ganye ɗaya ya fi sauran girma ko haske, ido zai cafke shi, ya riƙa tsalle daga wannan zuwa na gaba, sai tsarin jerawar ya tonu. Masu zanen yadi sun san waɗannan matsaloli tun kafin kwamfuta, kuma babu maɓallin da ke magance su. Ko dai a sake zana wani tayil, ko a matsar da ganyen da hannu, ko a rage wanda ya yi fice.

## Yadda tayil mai kyau ke lalacewa a hanya

A ce tayil ɗinmu ya ci gwaji biyun. Saura girma. Kamfanonin bugun yadi na dijital irin su Spoonflower suna aiki da ɗigo 150 a kowane inci, bugun takarda kuma an saba da 300. Fiksel 1024 a kan 150 yana ba da inci 6.8, kimanin santimita 17. A kan 300 kuwa santimita 8.7 ne kawai. Idan ana son maimaicin santimita 32, mai ganye kamar shida a faɗinsa, kowanne kusan santimita 5, ana buƙatar wajen fiksel 1890. Dole a ƙara girman hoton, kuma a nan ne yawancin tayil ke mutuwa.

Duk manhajar da ke ƙara girma tana ƙirƙiro sababbin fiksel ne ta hanyar duba maƙwabta. A baki kuma, kamar dai injin zanen, ba ta san cewa maƙwabcin dama yana hagu ba, sai ta yi abin da ta ga dama da wurin. Sakamakon shi ne siririn layin nan. Maganin shi ne a ba ta maƙwabtan gaske: a jera tayil uku-uku, a ƙara girman duka, a yanko na tsakiya.

```
magick -size 3072x3072 tile:tayil.png -resize 200% -gravity center -crop 2048x2048+0+0 +repage babba.png
```

Jerin 3072 ya zama 6144, na tsakiya kuma 2048 cif. An zaɓi ninki biyu ne maimakon 1890 domin lissafin ya faɗa kan cikakkiyar lamba, kada wurin yanka ya faɗa a rabin fiksel. Daga nan ba a sake taɓa fiksel ɗin ba, sai a gaya wa fayil ɗin cewa faɗinsa a bugu santimita 32 ne, tare da cire alamar `Resample` a Photoshop. Hakan yana ba da ɗigo kusan 163 a inci, wanda ya haura 150. Idan maɗaba'ar ta nace sai 150 daidai, ana mayar da jerin uku-ukun zuwa 5670, wato 1890 sau uku, a yanko na tsakiya.

Dabarar tana aiki da masu ƙara girma da ke ba da amsa ɗaya ga abu ɗaya. Amma akwai masu ƙara girma da ke sake zana hoton suna ƙirƙiro sabon daki-daki. Irin waɗannan suna iya yi wa ganyen da ke bakin dama jijiya biyar, su yi wa ci gabansa a hagu shida. Bayan amfani da su sai an sake gwajin gusarwa daga farko.

Matsewa ita ce ta biyu. JPEG yana raba hoto gida-gida na fiksel takwas-takwas yana zubar da wani ɓangare na bayanin, kuma duk ajiya tana ƙara ɓarna. A ajiye tayil a PNG ko TIFF, kuma a aika shi a matsayin fayil, domin manhajojin hira suna matse hoto suna kuma rage girmansa idan aka tura shi a matsayin hoto.

Na uku shi ne salon jerawa. Maɓallin tayil yana samar da jerawa miƙaƙƙiya, kowane tayil daidai saitin na gefensa. Amma shafukan bugu suna ba da wasu zaɓuɓɓuka, kamar `Half-Drop`, inda kowane sahu na biyu ke sauka da rabin tayil, da `Half-Brick`, inda kowane jeri na biyu ke gusawa gefe kamar ginin bulo. Ana son `Half-Drop` ƙwarai domin yana ɓoye maimaici, shi ya sa mutane ke danna shi. Sai dai a wannan salo rabin sama na bakin dama yana haɗuwa ne da rabin ƙasa na bakin hagu, kuma tayil ɗinmu ba a yi shi don haka ba. Duk ganyen da ya ratsa bakin dama zai yanke. Tayil miƙaƙƙe sai jerawa miƙaƙƙiya.

Ga wanda zai kai zanen masana'anta mai bugun ganga, akwai ƙarin sharaɗi. Gangar da aka fi amfani da ita kewayenta santimita 64 ne, don haka tsawon maimaici dole ya shiga 64 ba saura, kamar 64, 32 ko 16. Dalilin zaɓar 32 a misalinmu ke nan. Tayil mai santimita 30 sai an miƙe shi ko an sake shi.

## Hanyoyin gyara da saɓanin masu sana'a

Idan gwaji ya nuna yanka, akwai ra'ayoyi daban-daban kan abin yi, kuma kowanne da hujjarsa.

Wasu suna ganin a gyara a kan hoton da aka gusar. Tunda yankan yana tsakiya yanzu, ana rufe layukan biyu da burushi ko da kayan cike gurbi, a zana ganye a kansu. Sharaɗin shi ne kada a taɓa sabon bakin waje, domin shi ne tsohuwar tsakiya, kuma a haɗe yake. Wurin da ake yawan faɗawa shi ne ƙarshen layukan huɗu, inda suka taɓa bakin waje. Ana tsayar da gyaran kafin a kai can, sannan a sake gusarwa da 256, wuraren huɗun su shigo ciki a ƙarasa su. Idan da ƙirƙirarriyar basira aka cike gurbin, wasu manhajojin suna sake sarrafa hoton gaba ɗaya har launin baki ya ɗan motsa, don haka ya fi aminci a yanko wurin da aka gyara kawai a ɗora a kan na asali. Hanyar tana ceto zane mai kyau, amma tana cin lokaci.

Wasu sun fi son gajeriyar hanya. Salon `Mirror` yana kifa kowane tayil ya fuskanci maƙwabcinsa kamar madubi, don haka baki ba ya taɓa saɓawa, ko da wane irin hoto ne. Farashinsa shi ne siffofi masu fuska biyu da ke fitowa a kan kowace mahaɗa, kamar malam-buɗe-littafi, abin da ya dace da zanen lissafi amma yake tona kansa a zanen ganye. `Tile Seamless` na GIMP kuma yana narkar da hoton a kan kwafinsa da aka gusar. Yana yi wa hoton dutse ko yashi kyau, amma ganye mai kaifin baki sai ya fito da inuwar wani ganyen a jikinsa.

Kashi na uku, wanda ƙwararrun masu zanen yadi da yawa ke ciki, suna ganin kada a bar wa injin aikin jerawa sam. A sa shi ya zana ganyaye da 'ya'yan itace ɗaiɗai a kan farin fili, a yanko su, mutum ya jera da hannunsa. Duk ganyen da ya ratsa baki ana kwafarsa a gusar da shi da faɗin tayil daidai, misali fiksel 2048, ba ƙari ba ragi. Wannan hanya ce kaɗai a cikin ukun da ke ba da iko kan tazara, yawan launi da salon jerawa a lokaci guda. Masu goyon bayan maɓalli kuma suna cewa a zanen da siffofi suka sarƙe da juna, kamar rassa masu hawa kan juna ko fentin ruwa, injin da ke zane a naɗe yana yin abin da zai ɗauki mutum awanni. Idan aka auna, zane mai sarƙaƙiya don bugun dijital maɓalli ya fi dacewa da shi, zane mai siffofi a rarrabe da launuka ƙirgaggu kuma jerawar hannu.

## Wa abin ke shafa?

Aibi a tayil ba ya zuwa sau ɗaya. Yadi mai faɗin santimita 150 yana ɗaukar tayil mai santimita 32 kusan sau biyar a kwance, mita goma kuma sau 31 a tsaye. Ganye guda da ya yanke zai bayyana kusan sau 150. Maɗaba'ar dijital yawanci abin da aka ba ta take bugawa, don haka idan aibin daga fayil yake, asarar tana kan mai zanen, kuma yadin da aka buga ba ya gyaruwa. Mai sayar da fayil ɗin zane a intanet kuma yana fuskantar mayar da kaya da zubewar suna, domin mai saye zai gano yankan da zarar ya jera.

Tela da mai saye su ma abin yana iso su. Layin da ke da faɗin fiksel ɗaya a ɗigo 150 bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba, saƙar yadi mai kauri tana iya haɗiye shi. A kan takardar naɗi mai santsi da sheƙi kuwa, musamman mai launi duhu, yana fitowa sarai. Lungu da tabon kusurwa kuma sun fi bayyana a manyan abubuwa kamar labule da zanen gado, inda ido ke ganin maimaici da yawa a lokaci guda.

Shi ya sa samfurin gwaji da ake bugawa kafin babban aiki yake da sharaɗi. Idan samfurin ya fi tayil ƙanƙanta, kamar ƙyalle mai santimita 20 ga tayil mai 32, zai nuna launi amma yana iya ƙarewa bai kai ga mahaɗa ba. Sai a nemi wanda ya kai aƙalla tayil biyu a tsaye da biyu a kwance, ko kuma a aika fayil ɗin da aka gusar, wanda mahaɗar take tsakiyarsa, a tabbatar cewa tsakiyar ce za ta faɗa a kan ƙyallen. Kuma fayil ɗin da za a yi wa gwajin ƙarshe shi ne ainihin wanda za a aika, bayan an gama ƙara girma, gyaran launi da ajiya, ba wanda ya fito daga manhajar zane ba.